An turo mana tarar haraji da kuɗin ruwa ₦743,000, akwai hanyar neman sassauci?

Bashir_Tiles: Salamu alaikum jama'a. Kamfanin da nake riƙe wa lissafi yana sayar da kayan gini, shekarar lissafinsa tana rufewa 31 ga Disamba. Bayanan harajin 2024 da ya kamata mu miƙa kafin ƙarshen Yunin 2025 ba mu miƙa ba sai 27 ga Nuwamba, kuma a ranar muka biya harajin gaba ɗaya, naira miliyan 3. Dalilin jinkirin, maigidan ya kwanta asibiti daga Mayu har Satumba, kuma shi kaɗai ke sa hannu a asusun banki. Ranar 14 ga Janairun 2026 takarda ta iso daga hukumar haraji ta tarayya, ana neman ƙarin ₦743,000 na tara da kuɗin ruwa. Tambayata biyu ce. Lissafin nan daidai ne? In daidai ne, ta ina ake bi a nemi a rage?

Akanta_Rabi: Wa alaikumus salam Malam Bashir. Mu fara warware kuɗin, domin abu uku ne aka dunƙule maka wuri guda, kuma kowanne da dokarsa.

Na farko tarar jinkirin miƙa bayanai. Laifin ya faru a 2025, ƙarƙashin tsohuwar dokar harajin kamfanoni, wadda ta ce ₦25,000 a watan farko, sannan ₦5,000 a kowane wata da ya biyo baya. Yuli shi ne watan farko, sai Agusta, Satumba, Oktoba da Nuwamba. ₦25,000 da ₦20,000, ya kama ₦45,000. Wannan ba ruwanta da yawan harajinka, ko sisi ba a binka za a ci ka ita.

Na biyu tarar jinkirin biya, kashi 10 cikin 100 na harajin da bai shiga a kan lokaci ba. A miliyan 3, ₦300,000 ke nan. Sau ɗaya ake ɗora ta, kuma wanda ya makara da kwana ɗaya da wanda ya makara da wata biyar duk ita za su biya.

Na uku kuɗin ruwa, shi ne mai tafiya da kwanaki. A 2025 ana ɗaukar ma'aunin ruwa na Babban Banki ne, wato MPR, a ƙara maki 5 a kai. Daga 1 ga Yuli zuwa 27 ga Nuwamba kwana 150 ne. Ma'aunin yana 27.5 har zuwa 23 ga Satumba da aka sauke shi zuwa 27. Ka samu kwana 85 a kan kashi 32.5, da kwana 65 a kan kashi 32. Na buga, ya ba ni kusan ₦398,000.

Tara su: 45,000 da 300,000 da 398,000, ₦743,000. Lissafinsu ya hau.

Dan_Kwari77: Hajiya ina ga kin yi amfani da tsohon farashi. Yanzu dubu ɗari ne watan farko, dubu hamsin duk wata. Tun da takardar a Janairun 2026 ta fito, ai sabuwar doka ce za ta hau kansa.

Akanta_Rabi: Alƙalumanka daidai ne, amma ba a kan Bashir ba. Sabuwar dokar gudanar da haraji an sa mata hannu 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. Shi ya makara ya kuma gyara tun a Nuwamba, kafin ta fara aiki. Ranar laifi ake dubawa, ba ranar da aka buga wasiƙa ba. Kuma ka ga su kansu ₦45,000 suka sa. Da da sabuwar aka yi, wata biyar ɗin nan ₦300,000 ne, 100,000 da 50,000 sau huɗu.

Lauya_Sadiq: Na yarda da Hajiya Rabi a kan wannan. Inda ake da sauran ja-in-ja shi ne wanda ya makara tun 2025 kuma har yau bai miƙa ba. Wasu na ganin tsohon farashi ne zai ci gaba tun da a lokacinsa laifin ya fara, wasu na ganin watannin da suka faɗo daga Janairu za su ɗauki sabon farashi saboda laifi ne mai ci gaba. Ni na fi karkata ga na biyu, kuma ko ba komai wanda ke cikin wannan hali ya miƙa a makon nan, kada ya zama shi za a gwada dokar a kansa.

Amma Malam Bashir, abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ranar 14 ga Janairu. Kwana 30 kake da su daga ranar da takardar ta shigo hannunka ka ƙi amincewa da ita a rubuce. Wa'adinka 13 ga Fabrairu. In ya wuce ba ka ce komai ba, ƙiyasin ya tabbata, ya zama bashi, ba sauran gardama a kan adadin.

Bashir_Tiles: Barista to ai abin da nake shirin yi ke nan, in rubuta musu a yi mana sassauci kafin ranar.

Lauya_Sadiq: Nan ne mutane ke faɗawa rami. Takardu biyu ne daban, kuma ɗaya ba ta tsaya wa ɗaya.

Takardar ƙin amincewa tana cewa: lissafinku ba daidai ba ne, ga inda kuka kuskure, ga adadin da na yarda da shi. Wannan haƙƙinka ne, tana da wa'adin kwana 30, kuma in suka ƙi gyarawa kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun haraji. Ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama, ta Arewa maso Gabas a Bauchi, ta Arewa ta Tsakiya a Jos. Sabuwar doka ta ƙara wani abu mai kyau: in hukuma ba ta amsa ƙin amincewarka cikin kwana 90 ba, ana ɗauka ta karɓa.

Takardar neman sassauci kuwa tana cewa: lissafinku daidai ne, na yi laifi, ga uzurina, a yafe mini. Doka ta ba hukuma ikon yafe tara gaba ɗaya ko wani ɓangare in an nuna dalili mai ƙarfi, amma iko ne aka ba ta, ba wajibi aka ɗora mata ba. Ba ta tsayar da ƙidayar kwana 30, kuma dokar kwana 90 ba ta shafe ta ba. Mutum zai aika roƙo, ya zauna yana jiran amsa, wa'adi ya wuce, daga baya ya gano akwai kuskure a lissafin, a lokacin ƙofa ta rufe.

Saboda haka kafin ka rubuta roƙo, tabbatar babu abin da za ka ƙi amincewa da shi.

Maman_Ilham: Don Allah ku yi haƙuri in sako tawa. Mu ma an ce muna da tarar shekara uku ta rashin miƙa bayanan shekara, wai har an mayar da kamfanin "inactive" a shafi. Wannan wasiƙar za mu rubuta?

Akanta_Rabi: A'a Maman Ilham, naki na CAC ne, hukumar rajistar kamfanoni. Bayanan shekara na can daban, tararsu daban, a shafinsu ake biya. Mu muna maganar hukumar haraji ta tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Biyan ɗaya ba ya goge ɗaya. Amma tun da shekara uku ba a leƙa CAC ba, ki sa a duba muku ɓangaren haraji ma, da wuya a ce can ɗin lafiya lau yake.

Odita_Gambo: In ɗora a kan maganar Barista. Ga wuraren da ake yawan samun kuskure a irin wannan takarda, Bashir ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da uwar kuɗin da aka ɗora tarar a kai. Mai kayan gini yakan yi wa ma'aikatu da manyan kamfanoni safarar kaya, su kuma suna zare haraji tun daga tushe kafin su biya shi, abin da za ka gani a manhaja da sunan WHT. Wannan kuɗi naka ne da aka riga aka biya a madadinka. In a ce akwai ₦800,000 irin wannan na shekarar 2024 da ba a cire ba, abin da ake binka ranar 30 ga Yuni miliyan 2.2 ne, ba miliyan 3 ba. Tara ta sauko ₦220,000, ruwa ya sauko wajen ₦292,000. Wannan batun ƙin amincewa ne, ba na roƙo ba. Matsalar da ake samu ita ce wanda ya zare bai tura kuɗin ba, ko ya tura da lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da ba taka ba, sai ka duba ka ga babu komai a sunanka. In haka ne shi za ka bi ya gyara, hukuma ba ta cire maka abin da bai bayyana ba.

Sai ranar biya. Ka riƙe rasit ɗin banki mai ɗauke da 27 ga Nuwamba. Wani lokaci kuɗi kan fita yau amma ya zauna a asusun haraji bayan kwanaki, ko a tura shi ƙarƙashin wani nau'in haraji ko wata shekara. A miliyan 3, kowace rana ɗaya ta ruwa kusan ₦2,600 ce, ka ga sati biyu na kuskure ya wuce dubu talatin da biyar.

Sai kuma abin da aka buga ruwan a kansa. In ka ga ruwan ya kai wajen ₦438,000 maimakon ₦398,000, to an buga shi ne a kan miliyan 3.3, wato haraji haɗe da tara. Naka bai nuna haka ba tun da jimillar ta dace da ta Hajiya.

Dan_Kwari77: To dama ba a kan haraji da tara ake bugawa ba? Ni haka na sani.

Odita_Gambo: Abin da doka ta ce shi ne harajin da ake bi zai ɗauki ruwa. Ni a karatuna harajin kawai ne. Akwai masu cewa tun da an ce a “ƙara” kashi 10 a kan harajin, ya zama ɓangarensa. Ban yarda da su ba, kuma in na ga an yi wa wani haka zan sa ya ƙi amincewa da bambancin.

Ustaz_Auwal: Ni abin da ke damuna kalmar ruwa. Musulmi ya biya wannan, bai shiga cikin riba ba? Ba gara a ƙi biya ba?

Lauya_Sadiq: Allah gafarta Malam, hukuncin shari'a ku ne masu shi, ba zan tsoma baki ba. Ta fuskar doka dai ba yarjejeniyar bashi ba ce da mutum ya shiga da son ransa, abu ne da hukuma ta ɗora, kuma ƙin biya ba ya kawar da shi. Suna da ikon naɗa bankinka wakilinsu ya zare kuɗin daga asusunka, kuma takardar shaidar biyan haraji ba za ta fito ba. Wanda ke ƙyamar ruwan, hanyarsa ita ce ya biya uwar kuɗi da wuri, domin ranar da ta shiga ruwa ke tsayawa.

Ustaz_Auwal: Na fahimta. Zan tambayi manya a kan sauran.

Bashir_Tiles: Na duba abin da Malam Gambo ya faɗa. An riga an cire mana WHT kafin a kai ga miliyan 3, ranar biya ma daidai take. Ke nan sai roƙo. Yaya ake tsara shi?

Akanta_Rabi: To madalla, yanzu ka san inda kake. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, share gidanka. Jami'in da zai duba buƙatarka abin da zai fara buɗewa shi ne tarihin kamfanin. In ya ga akwai watannin VAT da ba a miƙa ba, ko harajin ilimi na wannan shekarar bai shiga ba, maganar ta mutu a teburinsa. A miƙa duk abin da ya rage, a biya duk uwar kuɗi. Ba a sauraron roƙon yafe tara daga wanda harajin kansa ke wuyansa.

Wasiƙar a rubuta ta a takardar kamfani mai tambari, zuwa ga shugaban hukuma, ta hannun shugaban ofishin harajin da fayil ɗinku yake. A sama ka sa sunan kamfani kamar yadda yake a rajista, lambar TIN, nau'in haraji, shekarar da ake magana, da lamba da kwanan watan takardar da suka aiko. Sakin layi na farko ya faɗi abin da kake nema kai tsaye, da adadi: a yafe ₦45,000 na jinkirin miƙawa, ₦300,000 na jinkirin biya, da ₦398,000 na ruwa. Ka rarraba su haka, kada ka ce “a yafe mana ₦743,000”. In ka dunƙule, ka ba su zaɓin e ko a'a kawai. In ka rarraba, za su iya yafe biyu su bar ɗaya.

Sai uzuri, da kwanan wata. An kwantar da shi ranar kaza, an sallame shi ranar kaza, shi kaɗai ke da sa hannu. Kowace magana da takardarta a maƙale: rahoton asibiti, wasiƙar banki mai nuna masu sa hannu a asusun, rasit ɗin 27 ga Nuwamba, shaidar miƙa bayanai daga TaxPro Max, wato shafin hukumar na intanet, da rasit na shekaru biyu ko uku da suka gabata in kun biya su a kan lokaci. Ka nuna cewa ku kuka kawo kanku, ba bincike ne ya tono ku ba. Daga ƙarshe ka faɗi gyaran da aka yi, misali an ƙara mutum na biyu mai sa hannu. Shafi ɗaya da rabi ya isa. Darakta ya sa hannu, ba kai ba.

Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi. Wasiƙar da ba ta da hatimi, ranar da aka neme ta aka rasa ba ka da bakin magana.

Odita_Gambo: Tsarin Hajiya ya yi, amma bari in zama jami'in da zai karanta. An sallami maigida a Satumba, ba ku miƙa ba sai ƙarshen Nuwamba. Wata biyun nan fa? In ba ka amsa wannan a cikin wasiƙar ba, shi zai amsa wa kansa, kuma ba za ka so amsar ba. In gaskiyar ita ce sai bayan ya tashi aka iya kammala binciken odita ya sa hannu a lissafin, ka faɗa, ka maƙala shafin rahoton mai kwanan wata.

Tambaya ta biyu da zai yi: me ya hana ku neman ƙarin lokaci tun a Yuni? Doka ta yarda a nemi ƙarin wa'adin miƙa bayanai a rubuce, amma kafin wa'adin ya cika, ba bayansa ba. Kun san ba shi da lafiya tun Mayu. Wannan rauni ne a uzurinku, gara ku amsa shi da kanku.

Bashir_Tiles: Gaskiya ne, ba mu san ana neman ƙarin lokaci ba. In rubuta haka?

Lauya_Sadiq: Kada ka jingina a kan rashin sani, ba uzuri ba ne a doka. Ka ce babu daraktan da ke da ikon sa hannu a madadin kamfani a lokacin, in hakan gaskiya ne. In akwai darakta na biyu a takardun CAC kuma yana gari lafiyarsa ƙalau, kada ka rubuta, domin za su duba. Sannan a lura, ƙarin wa'adin miƙa bayanai ba ƙarin wa'adin biya ba ne. Ko da an ba ku, abin da ya dace shi ne a ƙiyasta harajin a tura kafin 30 ga Yuni. Da an tura ko miliyan 2 ne a lokacin, tara da ruwa a kan miliyan 1 kawai za su hau.

Hajiya_Zee: Ni shawarata kada ya wahalar da kansa. Ya jira kawai, suna yin yafiyar gama-gari. A Disambar 2023 an yafe tara da ruwa duka ga wanda ya biya uwar kuɗi kafin ƙarshen wata. A 2017 ma an yi VAIDS, shirin yafe tara da ruwa ga wanda ya bayyana bashin harajinsa da kansa.

Akanta_Rabi: An yi, Hajiya, ba ki yi ƙarya ba. VAIDS ta fara Yulin 2017 aka tsawaita ta zuwa ƙarshen Yunin 2018, ta 2023 kuma wa'adinta 31 ga Disamba. Amma ba doka ce ta ce a riƙa yi duk bayan shekara kaza ba, sanarwa ce da hukuma ke fitarwa in ta ga dama, kowacce da sharuɗɗanta da shekarun da ta shafa. Shi Bashir jira ba zai ƙara masa ruwa ba tun da uwar kuɗi ta shiga, amma bashin na nan a fayil, kuma in suna neman kwangila takardar shaidar biyan haraji za ta maƙale. Wanda bai biya uwar kuɗi ba kuwa ya ce zai jira yafiya, ruwa ne ke ta hawa kansa, wanda a 2025 ya wuce kashi 30 a shekara. Ko bashin banki bai kai nan tsada ba wani lokaci.

Hajiya_Zee: To in an sanar da yafiya bayan ya biya, za a dawo masa da kuɗinsa?

Odita_Gambo: Irin waɗannan sanarwa a kan bashin da ke tsaye suke magana, ba wanda aka riga aka biya ba. Shi ya sa ake shigar da roƙo kafin a biya tarar, ba bayan an biya ba.

Sani_PAYE: A ƙara da wannan don masu karatu. Ba kowace tara ce ake kai roƙonta tarayya ba. Harajin albashin ma'aikata na jiha ne, a Kano KIRS, a Kaduna KADIRS. Ana tura shi kafin 10 ga watan da ya biyo baya, bayanan shekara na ma'aikata kuma kafin 31 ga Janairu. Roƙo a kansa shugaban hukumar jiha ake rubuta wa. Kuma uzurin “kasuwa ta yi sanyi” ba ya aiki a nan, haka a VAT da WHT, domin kuɗin ba naka ba ne, na wani ne ka karɓa ko ka zare ka riƙe. Sabuwar doka ma ta sa tarar kashi 40 cikin 100 a kan wanda ya kamata ya zare bai zare ba.

Dan_Kwari77: VAT ɗin nan ita ce mai ci a ɓoye. Wata ba ciniki, mutum ya ce ba abin da zan miƙa.

Akanta_Rabi: Ƙwarai. In kana cikin masu miƙa VAT, ko ba ka sayar da allura ba sai ka miƙa na sifili kafin 21 ga wata mai bi. Kuma kowane wata da tararsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ɗauki wanda ya bar Janairu, Fabrairu da Maris bai miƙa ba sai 20 ga Mayu. Na Janairu ya makara wata uku, na Fabrairu biyu, na Maris ɗaya. A tsohon farashin VAT na ₦50,000 da ₦25,000, ₦100,000 ne da ₦75,000 da ₦50,000, jimilla ₦225,000. A sabon farashi ninki ne, ₦450,000, alhali ko kobo na haraji ba a binsa. Haka ƙaramin kamfanin da aka ɗauke wa harajin riba, biya aka ɗauke masa, bayanan shekara sai ya miƙa.

Issoufou_Maradi: Mu a Nijar hukumar harajinmu DGI ce, dokarmu da lissafinmu daban. Mai kamfani a ɓangarorin biyu kada ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya tsallaka da su.

Bashir_Tiles: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, a ganinku me za a iya samu? Kuma wani ya ce mini akwai wanda zai “goge” mana a ciki in an ba shi kashi ɗaya bisa uku.

Lauya_Sadiq: Wannan ka guje shi. Sassaucin da ba a rubuce yake ba, da sa hannun mai iko, ba sassauci ba ne. Ranar da aka zo bincike bashin zai dawo, kuɗinka sun tafi, kuma ka ƙara wa kanka laifin da ya fi tara. Duk abin da za ka biya ta hanyar biyan hukuma zai bi, da rasit.

In wasiƙarka ta kwanta ba amsa, ka aika tunatarwa mai ɗauke da kwafin hatimin. Dokokin 2025 sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, kuma jinkiri da rashin amsa suna cikin abin da zai iya dubawa. Sai dai ba ya yanke adadin haraji, kuma ba zai tilasta a yafe maka ba.

Odita_Gambo: A kan me za a samu, ni ina raba su. Tara horo ce, uzuri na iya ɗage ta. Ruwa kuwa hukuma na ɗaukarsa diyyar wata biyar da kuɗinta suka yi a hannunku, kuma kuɗin suna asusunku a lokacin. Saboda haka na fi sa rai a kan ₦345,000 fiye da ₦398,000. Da ni ne zan biya ruwan in maƙala rasit, in roƙi tarar kaɗai. Yana nuna da gaske kake.

Akanta_Rabi: Nan ban bi ka ba Malam Gambo. Kai da kanka ka ce abin da aka biya ba ya dawowa. Ruwan ya daina hawa, roƙonsa ba ya cin komai, me zai sa ya zubar da shi tun kafin a ce masa a'a? Ya roƙi ukun a rarrabe. In suka yafe tara suka bar ruwa, sai ya biya, ko ya nemi a raba masa kashi-kashi a rubuce.

Odita_Gambo: Wanda ya zo da rasit a hannu ba a karanta wasiƙarsa kamar ta wanda ya zo hannu rabbana. Amma Bashir ya zaɓa, ya danganta da ko suna buƙatar takardar shaida da gaggawa.

Sani_PAYE: Kuma duk abin da kuka biya a ƙarshe, Malam Bashir, kada ka sa shi cikin kuɗaɗen da ake cirewa kafin lissafin harajin bana. Tarar haraji ba ta cikin kashe-kashen da doka ta yarda a cire, odita zai mayar da ita cikin riba.

Bashir_Tiles: Muna da kwangilar da za a nema a Maris, za a buƙaci takardar shaida. Zan kai wa maigida ra'ayoyin biyu gobe. Hajiya Rabi, wasiƙar bankin da kika ce, ta yanzu ake so ko wadda ke nuna masu sa hannu a watan Yuni?

Akanta_Rabi: Ta Yuni, ita ce hujjarka. Ka ce su rubuta wanda ke da sa hannu daga Mayu zuwa Satumbar 2025. Ta yanzu kuma ka haɗa da ita in kun riga kun ƙara mutum na biyu.